Jaje da dariya: saƙon murya ga abokin da jarrabawa ta kayar

Sakamakon JAMB ba ya sallama in zai shigo. Yaro zai rubuta UTMERESULT ya tura zuwa 55019 ko 66019 da layin da ya yi rajista da shi, ya zuba wa waya ido, sai ga saƙo ɗauke da makin darussa huɗu da jimlarsu. Karanta shi ba ya cin daƙiƙa goma. Daga nan sai ka ga mutum ya cire hotonsa daga WhatsApp, ya yi ɗif a zauren 'yan ajinsu, in an kira shi wayar ta yi ta ringin har ta katse. A sakamakon farko da aka fitar a shekarar 2025, cikin mutum fiye da miliyan 1.9 da suka zauna wannan jarrabawa, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Wato da wuya a sami unguwar da babu ɗakin da aka turo ƙofarsa a wannan makon.

A bakin kowace irin wannan ƙofa kuwa akwai aboki riƙe da waya, yana tunanin abin da zai ce. Shi nake so mu tattauna da shi yau.

Abu uku ne a gabansa: ya kira, ya rubuta, ko ya danna ɗan makirfon nan ya yi magana. Kira yana da nauyi, domin wanda aka kira dole ya gyara murya, ya ce "ba komai wallahi" alhali da komai. Rubutu kuma yana da wata illa da mu Hausawa muka fi kowa saninta. Rubuta "sannu da ƙoƙari" ka tura wa wanda ya faɗi jarrabawa, ka ga yadda zai karanta shi. Kalmomin nan uku suna iya zama tausayi, suna iya zama gatse mai yanka, kuma babu abin da ke raba su sai yadda murya ta hau da yadda ta sauka. Rubutu ba ya ɗaukar wannan. Mai baƙin ciki kuwa, in aka ba shi zaɓi tsakanin fassara biyu, mummunar yake ɗauka. Saƙon murya, wanda yara ke ce wa boyis, shi ya tsaya a tsakani: yana kai muryarka da duk ɗuminta, amma bai tilasta wa kowa ya amsa nan take ba. Abokinka zai saurara lokacin da ya ga dama, a ƙarƙashin bargo in ya so, ya yi hawayensa ko dariyarsa babu mai kallon fuskarsa.

To me ya kawo dariya cikin jaje? Ai ba mutuwa aka yi ba. Wanda ya faɗi jarrabawa, abin da ya fi cin ransa sau da yawa kunya ce, da tunanin cewa daga yau idon mutane a kansa ya sauya. In kowa ya zo masa da sanyin murya irin ta zaman makoki, har abokin da jiya suke zagin juna a kan ƙwallo, sai ya tabbatar lallai wani babban abu ya karye. Amma in wannan abokin ya zo da muryarsa ta kullum, ya tsokane shi kamar yadda ya saba, saƙon da ke ƙarƙashi shi ne: kana nan yadda na san ka, ban sauya maka wurin zama ba. Aikin da barkwanci yake yi ke nan, kuma addu'a da nasiha, duk da girmansu, ba su cika yin wannan aikin ba.

Sai dai ba kowa ke da wannan izini ba. Al'adarmu ta daɗe da tsara wanda zai yi wasa da wa: taubasai, jika da kaka, Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. A Nijar ma wannan wasa na barkwanci ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta amince da su tun 2014. Hikimar tsarin ita ce an riga an yi yarjejeniya tun kafin ranar ɓacin rai, shi ya sa maganar da za ta jawo faɗa daga bakin bare take zama dariya daga bakin taubashi. Ka auna kanka da wannan ma'auni. In makon jiya kun yi wasa da juna har ya rama, kana da izini. In kai yayansa ne da yake sunkuyar da kai in ka shigo, ko malaminsa, ko ɗan ajinsu da gaisuwa kawai ke haɗa ku, to ranar faɗuwarsa ba ranar koyon wasa da shi ba ce. Akwai kuma mutum guda da izininsa yake raguwa ko da shi ne aminin: wanda suka zauna jarrabawar tare, shi ya ci. In ka sami 270 shi ya sami 160, duk wata dariya daga bakinka za ta yi kama da ta wanda ya haye yana ɗaga wa na tsallake hannu. Kai naka gajeren jaje ne da zuwa da ƙafa. Bar barkwancin ga wanda ya taɓa shan ƙasa.

Wa za a yi wa dariyar?

Nan ne gizo yake saƙa. Kowane barkwanci yana da wanda ya ɗauki nauyinsa, wanda aka yi dariyar a kansa. A saƙon jaje, wannan mutumin kada ya zama mai sauraro. Wuri mafi aminci da za ka sauke dariyar shi ne kanka: taka faɗuwar, naka shirmen, ranar da kai ma ka ji kunya. Bayan kai sai ita jarrabawar da kayanta, wato kwamfutar da ta tsaya cak, da zafin ɗakin, da sammakon da aka sa mutane suka yi, da tambayar da ko wanda ya rubuta ta sai ya yi tunani. Abin da ba a taɓawa shi ne ƙwaƙwalwarsa, da ƙoƙarinsa, da kuɗin da iyayensa suka kashe.

A baki kamar da sauƙi, amma iyakar siririya ce. Bakano yana iya tsokanar Bazazzage a kan Hausarsu da ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, wasa ne tsoho, kowa ya saba. Amma in Turanci ne ya kayar da yaron, sai ka ce "ku da ko Hausa 'mace ya zo' kuke cewa, ina ku ina Turanci", to ka bi ta kan gari ka dira daidai kan gyambon. Wasan garin yana nan halal, ranar ce ba tasa ba.

Akwai wasu maganganu biyu da mutane ke ɗauka wasa ne, ni kuwa ban taɓa ganin sun yi daɗi ba. Na farko a ce wa yarinya "to sai ki yi aurenki ki huta". A gidaje da yawa wannan ita ce ainihin maganar da ake yi a tsakar gida a daren da sakamako ya fito, kuma ita ce abin da yarinyar take tsoro fiye da faɗuwar kanta. Ba a yi wa mutum wasa da abin da yake kwana yana fargaba. Na biyu a ce wa yaro "ai ko ka gama ma ba aiki, gara ka nemi adaidaita sahu". Mai faɗin haka yana ganin rage wa abin nauyi yake yi, alhali cewa yake yi wata huɗun da yaron ya yi yana hana idonsa barci wauta ce.

Kafin ka danna makirfo, ka san wace irin faɗuwa ce. JAMB ba ta da makin da aka ce wanda bai kai shi ba ya faɗi, kwas ɗin da mutum ke nema da makarantar da ya zaɓa su ke yanke hukunci. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi na shiga jami'a 150 ne, na kwalejojin jinya 140, na kwalejojin kimiyya da fasaha da na horon malamai 100, kodayake kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata. Saboda haka mai 163 da ke son karatun likita ƙofar da yake so ce ta rufe a bana, sauran ƙofofin ba duka suka rufe ba. A WAEC da NECO kuma abin da ake nema kiredit biyar ne har da Turanci da Lissafi, daga A1 zuwa C6. Yarinya tana iya tara kiredit bakwai, D7 guda a Lissafi ya tsayar da ita. Wanda aka riƙe sakamakonsa kuwa bai faɗi ba tukuna, jira yake, in ka yi masa jajen faɗuwa ka riga malam masallaci. Ba don ka karanto masa waɗannan bayanai nake so ka san su ba. Don kada ka yi wa mai D7 guda irin jajen da ake yi wa wanda zai sake komai daga farko, ko ka raina abin da a wurinsa shekara guda ce ta tafi.

Ga saƙo guda, mu warware shi

Mu ɗauki misali. Yaro ne a Zariya, yana son karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, ya sami 163. Abokinsa Bakano ne da suka yi makarantar kwana tare, wanda shi ma JAMB ta taɓa yi masa ƙafa a shekarar da ta gabata. Bai tura komai mai tsawo ranar da sakamako ya fito ba, layi guda ya rubuta: "Na ji. Ina tare da kai, gobe za ka ji ni." Washegari bayan isha'i ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, ya ce:

"Salamu alaikum, Bazazzage. Ni ne, kada ka ce ba ka gane muryar ubangidanka ba. Na ji abin da ya faru. Wallahi ban ji daɗi ba, don na san wahalar da ka sha a kan abin nan. Sannu. Allah ya mayar maka da alheri.

"To amma kafin ka kulle ɗaki ka ce kai kaɗai ne a duniya, ka tuna wa ke maka magana. Ni ne fa mai 141. Ni da na zauna gaban kwamfuta linzami ya ƙi tafiya, na ɗaga shi sama ina girgizawa kamar kwalbar maganin tari. Ranar da sakamako ya fito Hajiyarmu ta ce, cikin nawa ne? Na ce cikin 200. Ta rangaɗa guɗa, ta sa aka yanka kaza. Har yau in na ga kaza sai na yi istigfari. Saboda haka a ƙungiyarmu ta waɗanda JAMB ta kayar ni ne shugaba, kai da 163 ɗinka ko ma'aji ba za mu ba ka ba, ka yi mana ilimi da yawa.

"Maganar gaskiya kuwa, wata huɗu kana tashi bayan asuba kana bita, na sani don ni kake hana barci da tambaya. Kai ka koya mini lissafin Kemistirin da malami ya yi shekara bai cusa mini ba. Wannan bai gogu ba don wata lamba ta fito.

"Jibi Asabar in sha Allah zan shigo Zariya bayan la'asar. Tsire a wuyana. Ka san Bakano bai cika faɗin haka ba, don haka ka adana saƙon nan a matsayin shaida. Ba sai ka amsa ba. Ka gaida Mama."

In an faɗe shi a nitse, saƙon nan bai fi minti ɗaya da rabi ba. Duba yadda aka jera shi, domin jerin ya fi kalmomin muhimmanci.

Ya fara da 'yar tsokana guda, ta "ubangidanka", wadda ba ta shafi jarrabawa ba ko kaɗan. Aikinta kawai ta sanar da cewa muryar kullum ce ta zo. Nan take kuma ya sauke murya ya yi jaje sosai, ya ambaci abin, ya ce bai ji daɗi ba. Wannan gaɓar ita ce kuɗin shiga. Wanda ya tsallake ta ya faɗa barkwanci kai tsaye, mai sauraro zai ji kamar ba a ɗauki ciwonsa da muhimmanci ba, daga nan kuma duk abin dariyar da ya biyo baya a banza. Na taɓa yin wannan kuskure da wani ɗan ƙanwata. Na buɗe saƙona da dariya tun kafin in yi sallama, ina ganin ai mun saba. Ya saurara, bai ce komai ba, sai bayan wata biyu yake gaya mini daƙiƙa biyar ɗin farko kawai ya ji ya kashe. Duk kyawawan maganganun da na jera a baya, iska na gaya wa.

Sai labarin kaza. Abin da ya sa ya yi aiki shi ne na mai maganar ne, da gaske ya faru da shi, kuma ya fi na mai sauraro muni. Makinsa ya fi ƙasa, ga ƙarya da ya yi wa mahaifiyarsa, ga kaza da ta mutu a banza. Bai ce "ni ma na taɓa faɗuwa amma ga shi yanzu ina jami'a" ba. Wannan jimla da ake yawan ji tana juya labarin ya koma na nasarar mai magana, sai jajen ya zama wa'azi. Shi ya tsaya a cikin ramin ne ya ce wa abokinsa matso, da wuri. In ba ka da irin wannan labari, kada ka ƙirƙira. Aboki ya san tarihinka, kuma ƙaryar jaje in ta fito ta fi shiru ciwo. Nemi wani shirmen naka na gaske, ko gwajin tuƙi ne, ko ranar da ka tsaya gaban aji hadda ta gudu.

Bayan dariya ya sake sauke murya ya faɗi gaskiya guda, ƙarama, wadda za a iya taɓawa da hannu: tashin asuba da darasin Kemistiri. Kwatanta wannan da "kai ai haziƙi ne, kowa ya sani". Wanda ya ga 163 jiya ba zai yarda shi haziƙi ba ne, zai ɗauka lallashi ne. Amma ba zai iya musun cewa shi ya koya wa abokinsa wancan lissafin ba, domin ya faru.

Daga ƙarshe ya ba da rana, da lokaci, da abin da za a yi. "In kana buƙatar wani abu ka gaya mini" magana ce mai daɗi da ba ta taɓa sa kowa ya ɗaga waya ba, saboda ta ɗora wa mai rauni nauyin roƙo. Asabar bayan la'asar kuwa abu ne da mutum zai iya jira. A ciki ya sake saka wasan gari, amma a kan Kanawa ya sauke shi, wato a kan kansa. Ya rufe da "ba sai ka amsa ba", kuma wannan ba ado ba ne. A WhatsApp ɗan makirfon da ke jikin saƙon murya yana komawa shuɗi in an saurara, mai sauraro ya san ka gani, sai ya ji bashin amsa ya hau kansa. Ka yafe masa bashin tun kafin ya ci.

Ka kuma lura da abin da babu a ciki. Babu tambayar "me ya faru?", babu "nawa wane ya samu?", babu shawara. Maganar sauya kwas ko makaranta, da shirin IJMB na kusan shekara guda da ke kai mutum aji biyu na jami'a, da sake zama baɗi tunda sakamakon JAMB na shekara guda ne, duk suna da ranarsu. Ranar ita ce Asabar, bayan tsinke na uku, in shi ya ɗauko zancen.

Tsakanin 'yan mata ma ginin ɗaya ne, kayan ne suka bambanta. Ga wadda D7 a Lissafi ya tsayar, ƙawarta tana iya cewa, bayan ta yi mata sannu: "Ƙawata, shekara shida ana ce mana mu nemo x. Wanda ya ɓatar da shi bai taɓa zuwa cigiya ba, malaman da ke sa mu nema su ma ba su ce sun gan shi ba, sai ke za a kama da laifi? Kiredit bakwai fa kika kwaso, ni da na samu biyar da ƙyar har rawa na yi. Gobe zan zo da awara, ki tanadi yaji." Dariyar a kan Lissafi ta sauka da kan mai maganar. Zancen sake rubuta darasi a jarrabawar masu zaman kansu ta NECO ko WAEC da ake yi a ƙarshen shekara, da cewa makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe kodayake wasu kwasa-kwasan sai na zama guda, wannan sai an gama cin awarar.

Wani tarko da ya ƙaru tun 2025 shi ne na ba da begen ƙarya. A watan Mayun shekarar, shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban manema labarai har da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon mutum 379,997 a cibiyoyi 157, aka sake musu jarrabawa. A watan Agusta kuma WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen duba tambayoyin canki-canka na Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. Tun daga nan da an ce wani ya faɗi sai ka ji "ƙila kuskurensu ne, za su gyara". Amma matsalar JAMB ɗin nan a Legas da jihohin kudu maso gabas ta faru, yaron da ya zauna a Zariya ba ta shafe shi ba. Kana iya yin wasa da cewa a shekarar har masu jarrabawar sai da suka yi gyara, wannan dariya ce a kan hukuma, ba ta cutar da kowa. Amma kada ka sa shi zaman jiran gyaran da ba a sanar ba, domin ranar da ya gane babu shi zai sake faɗuwa karo na biyu, kuma da hannunka.

'Yan abubuwan waya

Kada ka ɗauki saƙon a majalisa. Dariyar wasu a bayan muryarka, ko da a kan ƙwallo suke yi, a kunnensa da shi ake. Nemi wuri shiru, nesa da janareta. In ka danna makirfo ka ja shi sama zai kulle, hannunka ya huta, kuma za ka iya tsayawa ka saurari abin da ka faɗa kafin ka tura. Ka saurara ɗin. In ka ji kanka kana dariya fiye da yadda labarin ya cancanta, goge ka sake. Amma kada ka rubuta ka karanta, ana ganewa, muryar sai ta koma ta mai karanta sanarwa.

Tsawo kuma kada ya kai minti biyu. Mutum in ya ga saƙon minti shida, ko dai ya bar shi sai wani lokaci, ko ya danna 1.5x ko 2x, barkwanci kuwa ɗan shirun da ke gaban kalmar ƙarshe shi ne ransa, in an ninka gudu ya mutu, jajen ma ya koma kamar tallan maganin gargajiya. Ka ɗauka kuma cewa wani zai iya ji: wayar tana iya kasancewa ta gida ce, ko ya buɗe a tsakar gida mahaifiyarsa na kusa. Duk abin da ba za ka so Mama ta ji ba, bar shi. Ka duba sunan da ke saman shafin sau biyu, domin irin wannan saƙo in ya faɗa zauren 'yan aji ya tashi daga jaje ya koma tonon silili, kuma kafin ka goge wani ya riga ya saurara. Tun ƙarshen 2023 WhatsApp yana da saƙon murya da ake ji sau ɗaya ya ɓace, amma ban ga amfaninsa a nan ba. Saƙon jaje mai kyau akan sake sauraronsa da tsakar dare.

Bayan ka tura, amsarsa ce za ta gaya maka inda kuke. In ya rama, ya ce "kai dai Bakano ba ka da kunya, tsiren ma na san rabin tsinke ne", to ƙofa ta buɗe, sai a ci gaba. In ya rubuto "na gode" kawai, ya ji daɗi amma bai shirya wasa ba, kada ka ƙara wani barkwancin a kai. In ya yi shiru, bar shi ya kwana, washegari ka rubuta gajeriyar gaisuwa ba tare da tambayar ko ya saurara ba. In kuma ya nuna maganar ta sosa masa rai, kada ka ce "ai wasa nake". Ce "na yi kuskure, yi haƙuri", ka tsaya nan.

Akwai kuma inda wasa yake ƙarewa gaba ɗaya. In kwana da kwanaki sun wuce ba ya cin abinci, ba ya barci, ya daina fita ko masallaci, ko ka ji yana cewa shi ba shi da amfani, ya zame wa iyayensa kaya, gara ma ba ya duniyar, to wannan ya wuce aikin saƙon murya. Kada ka ɗauke shi a matsayin zafin rai da zai wuce, kada kuma ka rufe bakinsa da "haba, kada ka ƙara faɗin haka". Tashi ka je, ka zauna da shi, ka saurare shi, ka sanar da wani babba a gidan da yake jin maganarsa, a kai shi ya ga likita. Ko da zai yi fushi da kai don ka faɗa, faɗa ɗin.

In kuwa abin bai kai can ba, kamar yadda galibi ba ya kaiwa, saura alkawari. Ka ce Asabar bayan la'asar, kuma yana da shaida a wayarsa. Ka je, da kuɗin tsiren a aljihunka.